Yadda ake duba fom ɗin shafin biyan kuɗi kafin ya kori masu saye

Wanda ya iso shafin biyan kuɗi ya riga ya zaɓi kayansa, ya ga farashi, ya amince. Abin da ya rage tsakaninsa da ciniki gurabu ne kaɗan da zai cike da maɓalli guda da zai danna. Idan ya juya a wannan gaɓar, galibi akwai abin da shafin ya yi masa: ko dai ya tambaye shi abin da bai ga dalilinsa ba, ko ya ƙi karɓar amsar da take daidai, ko kuma ya ce masa an samu matsala bai gaya masa ko kuɗinsa sun fita ba.

Kuskuren da masu dubawa suka fi yi shi ne su cike fom ɗin daidai daga farko har ƙarshe, a kan babbar kwamfuta, da intanet mai ƙarfi, su ga ya wuce, su ce lafiya lau. Wannan gwaji ba ya tono komai. Ana gane ingancin fom ne a lokacin da mutum ya yi kuskure, saboda haka aikinka shi ne ka yi kuskuren da gangan, ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta abin da shafin ya yi.

Shiri kafin a fara

Ka tanadi waya ta gaske, ba ƙaramin allon kwaikwayo na cikin burauzar kwamfuta ba, domin kibod ɗin waya da cikon da waya ke yi da kanta ba sa fitowa a can. In da hali ka samu guda biyu, ɗaya Android ɗaya iPhone. Ka buɗe shafin a matsayin baƙo wanda bai taɓa yin rajista ba. Ka nemi a kunna maka yanayin gwaji na kamfanin da ke karɓar kuɗin, domin kusan dukkansu suna ba da lambobin katin gwaji, wasu na wucewa, wasu kuma an shirya su ne don a ƙi su. A Stripe, alal misali, 4242 4242 4242 4242 katin gwaji ne mai wucewa. Sannan ka ja tebur mai layi ɗaya ga kowane gurbi, da ginshiƙai huɗu: sunan gurbin, wanda ke amfani da amsar, abin da ka shigar, da abin da shafin ya faɗa kalma da kalma. Kada ka taƙaita saƙon, ka kwafe shi yadda yake, domin a cikin kalmomin ne laifin yake.

Zagaye na farko: kowane gurbi ya kare kansa

Ka ƙirga duk abin da ake nema a taɓa, har da akwatunan zaɓi da wuraren sa alama. A gaban kowanne ka amsa tambaya ɗaya: wa zai yi amfani da wannan amsar don kammala wannan cinikin? Adireshi na mai kai kaya ne. Imel na aika rasit ne. Lambar kati ta banki ce. Amma ranar haihuwa, jinsi, sunan kamfani da "ta ina ka ji labarinmu" yawanci sashen talla ne ke son su, kuma ana iya tambayarsu bayan an biya, a shafin godiya, inda ƙin amsawa ba ya hana ciniki.

Akwai gurabun da suke da amfani amma maimaici ne. Adireshin da ke kan katin banki sau da yawa shi ne adireshin kai kaya, don haka a sa alamar "adireshi ɗaya ne" tun farko, kada a sa mutum ya sake rubutawa. Ƙa'idojin WCAG 2.2 na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, waɗanda suka fito a watan Oktoba na 2023, sun ƙara sharaɗi na 3.3.7 a kan wannan: abin da mutum ya riga ya shigar a cikin aiki guda, a cike masa shi ko a ba shi damar zaɓa. Haka nan tambayar nau'in kati ba ta da amfani, tunda lambobin farko sun riga sun faɗa. Duk katin Visa da 4 yake farawa.

Tilasta rajista kafin biya ya fi kowane gurbi nauyi, domin yana jawo kalmar sirri da sharuɗɗanta, wani lokacin har da fita zuwa akwatin imel don tabbatarwa. Ka duba ko akwai hanyar biya a matsayin baƙo, kuma ko ana ganinta ba tare da an nema ba. Gurbin lambar rangwame kuma, in an buɗe shi gaba ɗaya a tsakiyar shafi, yana sanar da wanda ba shi da lambar cewa wasu na biyan ƙasa da shi, sai ya fita nema, wani ba ya dawowa. Gara a naɗe shi a cikin ɗan rubutun da sai an danna zai buɗe.

Zagaye na biyu: sunayen gurabu

Ka cike fom ɗin gaba ɗaya, sannan ka kalle shi. Shin har yanzu kana iya sanin wane gurbi ne wane? Shafuka da yawa suna rubuta sunan gurbi a cikin gurbin da launin toka, da abin da ake kira `placeholder`, kuma da zarar an fara rubutu sai ya ɓace. Mutum ya ɗaga kai ya amsa magana, ya dawo, ya ga lambobi uku a cikin akwati bai san na mene ne ba. Kuma launin tokan nan sau da yawa bai kai bambancin haske na 4.5 da 1 da WCAG ta gindaya wa ƙananan rubutu ba. Sunan gurbi ya zauna a samansa, a bayyane, kafin rubutu da bayansa.

Ga gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar karanta lambar shafi: danna kan sunan gurbin, ba kan akwatin ba. Idan alamar rubutu ta faɗa cikin akwatin, an ɗaure su da juna. Idan ba ta faɗa ba, akwai yiwuwar manhajar da ke karanta wa makafi allo ba za ta faɗi sunan gurbin ba. Ga yadda ginin da ya dace yake:

```html
<label for="kati">Lambar kati</label>
<input id="kati" type="text" inputmode="numeric"
       autocomplete="cc-number" aria-describedby="kati-kuskure">
<p id="kati-kuskure"></p>
```

Abubuwa biyu a nan suna da tasiri a waya. `inputmode="numeric"` shi ke fito da kibod ɗin lambobi. `autocomplete` kuma shi ke gaya wa burauza abin da za ta cike da kanta: `cc-number` lambar kati, `cc-exp` ranar ƙarewa, `cc-csc` lambar tsaro, `email`, `tel`, `postal-code`. Ka taɓa kowane gurbi a waya ka ga wane kibod ya fito. Gurbin imel ya kamata ya fito da mai alamar @ a kusa. Idan ka tarar an yi amfani da `type="number"` a lambar kati ko lambar waya, ka rubuta shi a matsayin laifi: wannan nau'in na adadi ne da ake ƙarawa da ragewa, yana iya zubar da sifilin farko idan aka sarrafa shi a matsayin adadi, kuma a wasu burauzoji gungura linzamin kwamfuta a kansa yana canza lambar ba tare da mutum ya lura ba. A iPhone kuma ka lura ko shafin na zabura ya ƙara girma idan ka taɓa gurbi. Burauzar Safari na yin haka idan girman rubutun gurbin bai kai `16px` ba, kuma yana tura rabin fom ɗin wajen allo.

Bayan gini sai kalmomi. "CVV" kawai ba ya isar da saƙo ga wanda bai saba ba. A rubuta "Lambar tsaro" a ƙara da "lambobi 3 a bayan katin". Katin American Express nasa 4 ne kuma a gaba suke, lambar katin ma 15 ce, don haka bayanin ya kamata ya sauya da nau'in katin. Ranar ƙarewa a nema ta yadda aka buga ta a kan kati, wata da shekara, lambobi biyu-biyu, domin mutum kwafa yake yi, ba lissafi ba. Idan ana neman lambar waya, a faɗi dalili a ƙarƙashinta da layi ɗaya, kamar "Mai kawo kaya zai kira wannan lambar idan bai gane adireshin ba". Wannan ɗan layin ya fi tambarin kwaɗo guda biyar gina amana, saboda yana amsa tambayar da ke ran mutumin a daidai lokacin da ta taso. Gurbin da ba dole ba ne a rubuta masa "ba dole ba ne" da kalmomi. Tauraro ja shi kaɗai ba kowa ke fahimtarsa ba.

Zagaye na uku: ka yi kuskure da gangan

Nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Kurakuran iri biyu ne, kuma dole ka raba su. Akwai inda mutum ya yi kuskure da gaske, akwai kuma inda ya rubuta daidai fom ɗin ya ƙi. Na biyun ya fi muni, domin mutum zai kalli abin da ya rubuta, ya ga babu laifi, ya rasa abin da zai gyara.

Fara da na biyun. Rubuta lambar kati da tazara tsakanin kowane lambobi huɗu, yadda take a jikin kati. Kwafo ta daga wani wuri ka liƙa. Sa tazara ɗaya a ƙarshen imel, domin kibod ɗin waya na yawan ƙara ta idan aka zaɓi kalmar da ya ba da shawara. Gwada imel mai alamar + a cikinsa, wanda halattacce ne. Rubuta lambar waya da + da lambar ƙasa, sannan ba tare da su ba. A gurbin suna gwada suna mai ƙugiya ko waƙafi a sama, irin ɗ da ƙ da ', da suna mai alamar - a tsakiya, da suna mai harufa biyu kacal. A lambar yanki ta gidan waya gwada mai harufa, tunda Birtaniya da Kanada suna haɗa harufa da lambobi, sannan ka zaɓi ƙasar da ba ta amfani da irin wannan lambar ka ga ko har yanzu ana tilasta ta. Duk abin da na'ura za ta iya gyarawa da kanta, kamar cire tazara ko alamar -, bai kamata ya zama saƙon kuskure ba. A share shi a ɓoye a wuce.

Sai kurakuran gaske. Canza lambar ƙarshe ta katin gwaji daga 2 zuwa 1. Lambobin kati suna ɗauke da lissafin tantancewa da ake kira Luhn, wanda ke kama duk kuskuren lamba ɗaya da mafi yawan musayar lambobi biyu maƙwabta, don haka shafin zai iya gane wannan tun kafin a tuntuɓi banki. Sa ranar ƙarewa da ta wuce. Bar gurbi ɗaya fanko ka danna biya. Bar guda uku.

A kowane gwaji ka lura da lokacin da saƙon ya fito. Idan ka rubuta harafin farko na imel sai ja ya bayyana yana cewa imel ɗin ba daidai ba ne, an tsawata wa mutum kafin ya gama magana. Lokacin da ya dace shi ne bayan ya bar gurbin. Da zarar ya dawo ya gyara kuma, saƙon ya ɓace nan take, kada ya jira sai an sake danna maɓalli. Ka lura da wurin da ya fito: kusa da gurbin da ke da matsala, ba can saman shafi kaɗai ba inda mai waya ba zai gani ba. Idan ka danna biya alhali kuskuren na sama, shafin ya kamata ya mayar da kai wurin. Maɓallin da aka kashe ya yi toka ba tare da bayani ba shi ma laifi ne, don mutum zai ta dannawa bai san me ya rage ba. Kuma jan launi shi kaɗai bai isa ba. Mai matsalar bambance launi ba zai gan shi ba, sai an haɗa da rubutu.

Saƙon kansa ana auna shi da tambaya biyu: ya faɗi abin da ya faru, kuma ya faɗi abin da za a yi? "Bayanan da ka shigar ba daidai ba ne" ya gaza a duka biyun. "Lambar katin ba ta cika ba, saura lamba ɗaya" ya ci duka biyun. "Imel ɗin ba shi da alamar @" ya fi "Imel mara inganci". A guji lambobin kuskure na masu gini da kalmomin zargi. Sannan babban abin dubawa: bayan kuskuren, me ya rage a cikin fom ɗin? Idan kuskure ɗaya a lambar waya ya goge adireshi da duk abin da aka rubuta, wannan shi ne laifin da za ka sa a saman rahotonka. Lambar tsaro kaɗai ake iya yi wa uzuri idan ta goge, tunda ƙa'idar tsaron bayanan kati ta PCI DSS ta hana ajiye ta bayan an tantance biya, kuma shafuka da dama ba sa riƙe ta ko na ɗan lokaci. Amma a gaya wa mutum ya sake sa ta, kada a bar shi ya gano da kuskure na biyu.

Idan banki ya ƙi, ko layi ya yanke

Waɗannan saƙonni ne da ba a cika gwadawa ba, kuma su ne suka shafi aljihu kai tsaye. Yi amfani da katin gwaji da aka shirya don a ƙi shi. Abu na farko da mai saye ke son sani shi ne ko an cire masa kuɗi. Saƙo mai kyau zai ce: "Bankinka bai amince da wannan biyan ba, kuma odar ba ta wuce ba. Gwada wani katin ko ka tuntuɓi bankinka. Kayanka na nan cikin kwando." Kada a yi alkawarin abin da ba a tabbatar ba. Wani lokacin banki na riƙe kuɗin na ɗan lokaci kafin ya sake su, don haka a rubuta "ba a cire maka komai ba" ne kawai idan tsarin ya tabbatar da hakan.

Daga nan ka danna maɓallin biya sau biyu da sauri, ka duba ko oda biyu ta shiga. Ka danna biya ka kashe intanet nan take, ka kunna bayan daƙiƙa talatin. Idan banki ya tura ka shafin tantancewa na 3-D Secure, ka fita zuwa manhajar saƙonni kamar mai ɗauko lambar da aka turo, ka dawo, ka ga ko shafin na nan. Sannan ka bar lokacin ya ƙare, ka kuma gwada maɓallin komawa baya. A kowane hali amsar da kake nema ɗaya ce: mutum ya san matsayin odarsa ba tare da ya kira kowa ba.

Kafin ka bar wannan zagayen ka dubi maɓallin kansa da abin da ke kewaye da shi. Jimillar kuɗi, da kuɗin kai kaya da haraji, ya kamata a gan su kafin a nemi lambar kati. Adadin da ya ƙaru a mataki na ƙarshe yana rusa duk amanar da aka gina a baya. Maɓallin ya faɗi abin da zai yi, wato "Biya" tare da adadin. Idan an rubuta "Ci gaba" alhali dannawa na cire kuɗi, yaudara ce ko da ba a yi niyya ba.

Misali da alƙaluma

Gwajin hannu na nuna maka laifuffuka, alƙaluma kuma su ke nuna wanda za a fara gyarawa. A sa shafin ya riƙa ƙirga abubuwa uku ga kowane gurbi: mutum nawa suka kammala shi, sau nawa ya fitar da kuskure, da mutum nawa ne shi ne gurbin ƙarshe da suka taɓa kafin su tafi. Ana ƙirga aukuwar abin ne kawai, ba a ajiye abin da suka rubuta, balle lambar kati.

A ce mutum 1,000 sun buɗe shafin. 940 sun cike imel, 900 sun cike adireshi, 720 sun wuce gurbin lambar waya, 690 sun cike kati, 640 sun danna biya, 560 kuma biyansu ya wuce. Ido zai fara kai wa ga kati, tunda nan ake zaton tsoro yake. Amma ka raba kowane adadi da wanda ya gabace shi. Daga waya zuwa kati an rasa 30 cikin 720, kusan kashi 4 cikin ɗari. Daga adireshi zuwa waya kuwa an rasa 180 cikin 900, kashi 20 cikin ɗari. Ramin yana wurin lambar waya.

Yanzu tambayar ita ce, ƙin bayarwa suka yi ko kasawa? Ƙirgar kuskure ce za ta raba gardama. A ce cikin 180 ɗin nan, 130 sun ga saƙon kuskure aƙalla sau ɗaya, 50 kuma ba su rubuta komai ba suka fita. To matsala biyu ce. Ka koma kan wayarka, ka bar burauza ta cike lambar da kanta, sai ka ga ta sa + da lambar ƙasa, gurbin kuma an ƙayyade masa `maxlength="10"`, ya datse ƙarshen lambar, sannan ya ce "Lamba mara inganci". Mutanen 130 sun ba da lambar gaskiya aka ƙi. Gyaransu na mai gini ne: a cire iyakar, a karɓi + da tazara, a daidaita lambar a sabar. Mutanen 50 kuma gyaransu na kalmomi ne: a faɗi dalilin neman lambar, ko a mayar da ita ba dole ba idan mai kai kaya ba ya kira.

Asarar matakin ƙarshe, 80 cikin 640 da suka danna biya, ba duka laifin shafi ba ne, domin banki na ƙin kati saboda dalilansa. Abin da shafi ke da iko a kai shi ne mutum nawa cikinsu suka sake gwadawa. Idan kusan babu wanda ya sake, ka koma ka karanta saƙon ƙin, ka kuma duba ko fom ɗin na gogewa.

Alƙaluman nan suna da iyaka. Idan masu shigowa kaɗan ne, bambancin mutum goma na iya zama sa'a kawai, sai a tara na makonni. A raba na waya da na kwamfuta, don laifin kibod ba ya bayyana a jimilla. Cikon da burauza ke yi da kanta kuma yana iya cike gurabu biyar a lokaci guda, ya rikita lissafin gurbin ƙarshe da aka taɓa. Idan aka zo gyara, a canza abu ɗaya a lokaci guda, a kwatanta kwanaki iri ɗaya na mako, kuma kada a auna a lokacin rangwame. A rahoton, kowane laifi ya zo da hoton allo, da ainihin abin da aka shigar, da sunan waya da burauza, da kalmomin da kake so a maye gurbin na yanzu da su. Waɗanda ke hana mutum biya gaba ɗaya su zo a sama, sai masu goge aiki, sai masu ruɗarwa, sannan na ado.